AIDA da tallar zamani: a ina tsarin yake karyewa?

Tambaya: Salam malam, dan Allah ina neman haske. A aji an koya mana AIDA a matsayin yadda talla take aiki a kan mutum, na haddace shi tsaf, sai ga shi an ba mu aikin mu soki tsarin mu nuna inda ya gaza a kafofin zamani. Ni kuma in na duba rahoton tallar Facebook sai in ga kamar AIDA ɗin ne ma sak, mutane da yawa sun gani, kaɗan sun danna, ƙalilan sun saya. To ina matsalar take?

Wa alaikis salam ƙanwata. Matakan nan huɗu na AIDA, wato jan hankali, sha'awa, kwaɗayin abu, sai saye, kowanne yana faruwa da mutane, ba wanda yake musu a kai. Abin da ake musu a kai shi ne iƙirari biyu da tsarin ya ɗauko ya goya ba tare da ya furta su ba. Na farko wai a jere suke zuwa, sai ɗaya ya cika sannan na gaba ya buɗe. Na biyu wai tallar ce take tura mutum daga wannan mataki zuwa wancan. In kika rubuta aikinki a kan waɗannan biyun kin gama, sauran sukar da za ki gani ana lissafowa duk daga nan suke tsirowa.

Ki fara da inda abin ya fito domin yana bayyana komai. Ana danganta tsarin ga wani ɗan talla Ba'amurke E. St. Elmo Lewis a wajajen 1898, sannan Edward Strong, masanin halayyar ɗan adam, ya yaɗa shi a littafinsa na 1925 a kan sayarwa da talla. Yanayin da tsarin ya fi dacewa da shi shi ne na dillali ko wakilin kamfani da yake tsaye gaba da gaba da mai saye. To ki duba abin da wannan mutumin yake da shi a hannu. Mutum ɗaya ne a gabansa, ya tsaya yana saurarensa, yana kallon fuskarsa saboda haka in ya ga sha'awa ta ragu sai ya koma baya ya sake bayani, shi yake riƙe da jerin maganar daga farko har ƙarshe, kuma ana iya kulla cinikin nan take kafin a rabu. A wannan yanayin jerin gaskiya ne, saboda mai sayarwar ne da kansa yake jera shi. Shawara ce ga mai magana, cewa kar ka nemi a biya kafin ka sa a saurare ka, kuma shawara ce mai kyau. Kuskuren ya shigo ne lokacin da aka ɗauke ta daga bakin dillali aka ce ai haka ƙwaƙwalwar mai kallo take aiki in ya ga talla a jarida ko talabijin. A 1961 Lavidge da Steiner suka faɗaɗa matakan zuwa shida, daga sanin akwai abu har zuwa saye, a shekarar kuma Russell Colley ya fito da DAGMAR don auna talla mataki mataki, daga nan tsanin ya zauna daram a littattafan koyarwa har ya iso ajinku.

Tun a lokacin aka fara ƙorafi, wannan ki sa shi a aikinki don kar ki rubuta wai intanet ce ta kashe AIDA, sukar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1965 Herbert Krugman ya lura cewa mai kallon tallar talabijin ba ya wani tunani a kanta, ba ya jayayya da ita ba ya auna hujjarta, yana zaune ne kawai tana wucewa, amma maimaitawa tana sa sunan kayan ya zama sananne a kansa, ranar da ya je saye sai hannunsa ya kai ga wanda ya saba gani, ra'ayi kuma sai daga baya yake samuwa bayan ya yi amfani da kayan. Kin ga an juya jerin, saye ya riga so. A 1974 Andrew Ehrenberg ya ƙara matsawa, ya ce a kayan da ake saye a kai a kai kamar sabulu ko man goge baki, mutum yana sanin sunan, ya gwada sau ɗaya, wani lokacin don kawai shi ne a kusa ko an rage masa kuɗi, sannan babban aikin talla shi ne ta riƙa tuna masa tana ƙarfafa ɗabi'ar da ya riga ya fara. Sai a 1999 Vakratsas da Ambler suka bi rubuce-rubucen bincike sama da 250 a kan yadda talla take aiki, suka ce hujjar da take goyon bayan cewa tasirin yana bin jeri ɗaya a lokaci ba ta da ƙarfi, kuma suka nuna abin da tsanin ya manta da shi gaba ɗaya, wato abin da mutum ya riga ya ɗanɗana na kayan.

Wannan na ƙarshen bari in tsaya a kansa kaɗan don nan ne mutane suke ruɗewa. A ce an yi tambayoyi ga mutum dubu, aka samu cewa waɗanda suka tuna tallar wani man shafawa sun fi son man, kuma sun fi sayensa. Mai AIDA zai ce shikenan ga hujja, sun lura, sun so, sun saya. Amma ki juya shi. Wadda take shafa man nan kullum, kwalbarsa tana gabanta safe da yamma, in tallarsa ta gifta ita ce za ta fi kowa lura, ita ce za ta fi tunawa in an tambaye ta, kuma in aka ce kina son shi za ta ce eh saboda ai shi take amfani da shi. Lambobin iri ɗaya ne sak a duka labaran biyu, amma a na biyun sayen ne ya haifi lurar da son. AIDA ba ta da hanyar bambance waɗannan biyun saboda kibiyarta gefe ɗaya kawai take nunawa, kuma tana ƙarewa a kan saye kamar daga nan labari ya ƙare, alhali kamfanin da ya daɗe a kasuwa yawancin cinikinsa daga mutanen da suka taɓa saye yake zuwa.

To yanzu mu zo kan rahoton da kika ce yana kama da AIDA. Yana kama da ita ne saboda lissafi, ba don ya tabbatar da ita ba. Duk abin da kika ƙirga a haka dole ya fito da siffar mazurari, masu gani sun fi masu dannawa yawa, masu dannawa sun fi masu saye, ko da tallar ba ta canza zuciyar kowa ba haka siffar za ta fito. Rahoton yana ƙirga mutane nawa ne a kowane wuri, bai ce miki mutum ɗaya ya taka matakan a jere ba, bai kuma ce miki me zai faru da ba a yi tallar ba. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce tambayar tasiri, kuma babu layinta a rahoton.

Akwai abin da ya sa matsalar ta fi tsanani a zamanin nan fiye da zamanin jarida. Jarida ba ta zaɓar mai karanta tallarki, duk wanda ya buɗe shafin ya gani. Amma in kika gaya wa manhajar talla cewa burinki saye ne, aikinta shi ne ta nemo mutanen da alamu suka nuna sun fi kusa da saye ta nuna musu, wanda ya shiga shafinki jiya, wanda ya saka kaya a kwando bai biya ba, wanda halayensa suka yi kama da na tsofaffin kwastomominki. Wato sha'awar ce ta jawo tallar ta zo gaban mutum, ba tallar ce ta jawo sha'awar ba, AIDA a kife kenan. Sannan ga ƙa'idar rabon yabo, a tsarin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, abin da aka saba sa wa shi ne `7-day click, 1-day view`, ma'ana duk wanda ya danna tallar ya saya cikin kwana 7, ko ya gan ta kawai ya saya cikin kwana 1, za a rubuta cinikin a sunan tallar. Kamar zakara ne da yake cara da asuba gari ya waye ya ce shi ya kawo safiya, ya iya lokaci ne kawai.

Ba zato ba ne wannan, an gwada. A 2012 masu bincike uku, Blake da Nosko da Tadelis, suka yi gwaji da tallar eBay, wani babban shafin saye da sayarwa a intanet, a injunan bincike, aka wallafa sakamakon a 2015. Da farko suka kashe tallar da take fitowa in mutum ya rubuta sunan eBay da kansa a wurin bincike. A idon mai mazurari wannan ita ce talla mafi kyau a duniya, masu danna ta da yawa suna saye. Da aka kashe ta sai kusan dukkan mutanen, wajen kashi 99.5 cikin 100, suka iso shafin ta mahaɗin kyauta da yake ƙasa da tallar, ai dama wanda ya rubuta sunanka wurinka ya nufa. Sai suka kashe tallar sauran kalmomi, waɗanda babu sunan kamfanin a ciki, a wani kaso na yankunan Amurka na tsawon kwana 60 suka bar ta a sauran. Lissafin da aka saba yi yana nuna ribar tallar ta haura kashi 1,000 cikin 100, gwajin kuma ya nuna asara ce ta kusan kashi 63 cikin 100. Tallar ta yi tasiri a kan sababbin mutane da waɗanda ba su cika saye ba, amma mafi yawan kuɗin yana tafiya ne a kan tsofaffin kwastomomi da za su zo ko babu ita. A yi adalci dai, eBay suna ne da kowa ya sani a can, ƙaramin kamfani da ba a san shi ba ba lallai sakamakonsa ya zama haka ba, kar ki rubuta wai an tabbatar tallar bincike ba ta aiki, abin da aka tabbatar shi ne rahoton dannawa ba ya auna tasiri. Wani bincike da Gordon da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 a kan gwaje-gwaje 15 na tallar Facebook shi ma ya samu cewa hanyoyin ƙiyasi na yau da kullum sau da yawa ba sa dacewa da abin da gwaji na gaskiya ya nuna, kuma galibi sama suke harbawa.

Bari in yi miki misali da lambobi na ƙirƙira don ki ga yadda ake yi da hannu. A ce kamfanin sayar da takalma a onlayin yana da mutum 20,000 da suka danna `Add to Cart` a wata guda ba su biya ba. A harshen AIDA waɗannan suna matakin kwaɗayi, saura a ɗan tura su zuwa saye, saboda haka sai a bi sawunsu da talla, duk inda suka shiga takalmin nan yana binsu. Maimakon a nuna wa duka, sai a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, 10,000 a nuna musu, 10,000 a ɓoye musu. Ƙuri'ar nan ita ce ruhin gwajin, in kika zaɓa da hannu ko kika bar manhaja ta zaɓa kin lalata shi, domin rukunan biyu sun daina zama iri ɗaya. Meta tana da kayan aikin da yake yin wannan rabon, sunansa `Conversion Lift`, in kuma ba a samu ba ana iya yi da yankuna kamar yadda aka yi a eBay, a kashe a wasu a bari a wasu.

Bayan wata sai a ƙirga daga littafin cinikin kamfanin, ba daga rahoton talla ba. A ce rukunin da ya ga talla mutum 600 suka saya, rukunin da bai gani ba mutum 540 suka saya. Rahoton talla kuma zai iya cewa ya kawo ciniki 500, saboda a cikin 600 ɗin nan 500 sun gani ko sun danna a cikin kwanakin da ƙa'ida ta yanke. In an kashe 3,000 a tallar, a kowane irin kuɗi kike lissafi, rahoton zai ce kowane ciniki ya ci 6 kacal, in ribar takalmi ɗaya 20 ce kowa a ofis sai murna, a ce a ƙara kuɗi. Amma ainihin abin da tallar ta ƙara shi ne 600 a cire 540, mutum 60. Ki raba 3,000 gida 60, kowane ƙarin ciniki ya ci 50, ribarsa 20, wato an kashe 3,000 an samo 1,200. Mutum 540 ɗin can sun dawo sun biya da kansu, wani albashi yake jira, wani yana tambayar girman ƙafa, wani waya ce ta mutu masa a tsakiyar biya.

Kuma ko 60 ɗin ma a riƙe ta da sassauci. In kika raba mutane biyu da ƙuri'a ba tare da wata talla ba ma ba za su fito daidai wa daida ba. Hanyar ƙiyasi mai sauƙi ita ce ki haɗa 600 da 540, 1,140 kenan, ki ɗauki tushen murabba'insa, wajen 34, ki ninka biyu, wajen 68. Bambancin da bai kai wannan ba zai iya zama sa'a ce kawai, namu kuma 60 ne, a bakin iyaka yake. Abin da za ki iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne ba 500 ba ne, ko kusa. Wannan ma darasi ne a kan kansa, tasirin talla ƙarami ne idan aka kwatanta da hayaniyar da take cikin ciniki, shi ya sa auna shi yake buƙatar mutane masu yawa, shi ya sa kuma mutane suka fi son mazurarin, shi kullum yana ba da amsa mai tsafta ko da ba daidai ba ce.

Illar ba a rahoto ta tsaya ba, tana shiga kasafi. Da yake matakin ƙarshe ne kullum yake nuna lambobi masu kyau, sai a riƙa kwashe kuɗi daga tallar da take kai sunan kamfani ga mutanen da ba su san shi ba a zuba a bin sawu da tallar da take fitowa in an rubuta sunan kamfanin a wurin bincike. Wata uku wata shida komai lafiya a allo, daga nan sai a ga jimillar ciniki ta tsaya cak ko tana raguwa alhali rahoton talla yana ta kyau. In kina son gane kamfani ya faɗa wannan ramin ga alamun da nake dubawa: in aka tara cinikin da kowace manhaja take iƙirari sai ya fi cinikin da yake littafi, kason sababbin kwastomomi yana raguwa wata bayan wata, mutum ɗaya yana ganin talla ɗaya sau da yawa fiye da da, sannan in aka kashe wata talla na mako biyu ciniki ko gezau. Ta ƙarshen nan ita ce mafi arha kuma ita aka fi jin tsoron gwadawa, don wanda ya kafa tallar ba ya son a gani.

Sai matakin farko, jan hankali, shi ma akwai magana. AIDA ta ɗauke shi kamar ƙofa, ko a buɗe take ko a rufe, in ba ta buɗe ba babu abin da ya shiga. A aikace hankali mataki mataki ne kuma mafi yawan talla a gefen ido take wucewa. Ki duba ma'aunin da masana'antar take amfani da shi, a ƙa'idar MRC, ƙungiyar Amurka mai tsara ma'aunin kafofin watsa labarai, ana cewa an iya ganin tallar hoto in rabinta ya bayyana a allo na daƙiƙa 1, bidiyo kuma daƙiƙa 2, Facebook tana ƙirga kallon daƙiƙa 3, a YouTube bayan daƙiƙa 5 maɓallin `Skip` yake fitowa. Babu ɗaya daga cikinsu da yake nufin mutum ya maida hankali, dama ce kawai ta gani, amma sai ki ga an kwafe lambar an liƙa a layin farko na AIDA an ce an samu hankali. A ɗaya gefen kuma, gani na ɗan lokaci ba banza ba ne, tun 1968 Robert Zajonc ya nuna cewa yawan ganin abu kawai yana sa mutum ya ɗan fi jin daɗinsa ko da bai yi tunani a kai ba. To tsarin ya yi kuskure ta fuska biyu, yana ƙirga abin da ba hankali ba a matsayin hankali, kuma ba shi da gurbin tasirin da yake faruwa ba tare da cikakken hankali ba.

Wannan yana da sakamako kai tsaye a kan yadda ake haɗa bidiyo. Wanda ya bi AIDA sau da ƙafa zai buɗe da abin mamaki don jan hankali, ya gina labari, ya tada kwaɗayi, sai a daƙiƙa ta 25 ya bayyana sunan kaya. A talabijin na da, inda mutum yake zaune har talla ta ƙare, wannan yana iya wucewa. A waya yawancin mutane sun wuce tun kafin a kai tsakiya, sun ga abin mamakin ba su san na waye ba, an biya kuɗi an nishaɗantar da su kyauta. Shi ya sa masu aikin yanzu suke sa launi da tambari da siffar kayan tun daƙiƙun farko, don wanda ya ba da daƙiƙa biyu ma ya tafi da wani abu.

Sai lokaci, wanda a ganina shi ne gibin da ɗalibai suka fi mantawa. Dillalin Lewis yana magana da wanda za a iya sayar masa yau. Talla kuma tana faɗawa kan mutanen da yawancinsu ba sa neman kayan a yanzu, wanda ya sayi firiji bara ba abin da za ki nuna masa ya sake saye bana. John Dawes na cibiyar Ehrenberg-Bass ya yi ƙiyasin da ya shahara a 2021, a kan cinikin kamfani da kamfani, cewa a kowane lokaci kusan kashi 95 cikin 100 na masu iya saye ba sa kasuwa. Lissafin mai sauƙi ne, in ana canza abu sau ɗaya a shekara biyar to a shekara kashi 20 ne suke nema, a wata uku kashi 5. Ga sauran, aikin tallar shi ne ta bar wata alama a ƙwaƙwalwa da za ta taso ranar da buƙata ta zo, watakila bayan shekara biyu, lokacin kuma mutumin zai rubuta sunan a Google ya danna tallar farko da ya gani, ita ta kwashe yabon duka. AIDA ba ta da matakin tunawa, kuma kwana 7 na rahoto ba zai taɓa hango wannan ba.

Za ki ga an yi ta yi wa tsarin faci, wasu sun ƙara gamsuwa a ƙarshe ya zama AIDAS, kamfanin Dentsu na Japan ya fito da AISAS da ya shigar da bincike da yaɗawa ga wasu, masu ba kamfanoni shawara na McKinsey a 2009 suka zana tafiyar mai saye a matsayin da'ira, suka nuna cewa sunayen da mutum yake dubawa suna iya ƙaruwa a tsakiyar hanya maimakon su yi ta raguwa kamar a mazurari. Duk sun ƙara wani abu na gaskiya, musamman maganar cewa mutane suna jin ta bakin wasu mutane kuma suna fita neman bayani da kansu, wanda AIDA ta ɗauki mai saye kamar yana zaune shiru ana zuba masa. Amma ni dai ban ɗauki ƙarin harafi a matsayin magani ba, in har sabon zanen ma yana cewa daga nan sai nan kuma talla ce ta tura, tsohuwar matsalar tana nan. Wanda ya fi burge ni shi ne Michael Ray a 1973, da ya ce jerin ya danganta da yanayi, wani lokacin sani ne farko sai so sai saye, wani lokacin sani kaɗan sai saye sai so, wani lokacin ma sayen ne farko sannan mutum ya nemo dalilan da za su kwantar masa da hankali a kan abin da ya riga ya yi.

Kuma kar ki wuce gona da iri a sukar, malamin da zai duba aikinki zai so ya ga kin san inda tsarin yake da amfani. In kaya sabo ne, mai tsada, wanda kuskure a kansa yake da ciwo, kuma babu damar gwadawa kafin a biya, mutane da gaske suna neman sani kafin su so kafin su saya, jerin yana kusa da gaskiya a nan. Haka in kina rubuta shafin da mutum zai sauka a kai bayan ya danna, ko saƙon imel na sayarwa, ko kina shirya wa wakili abin da zai faɗa a waya, kin koma yanayin dillalin nan ne, mutum ɗaya, ya riga ya tsaya, ke kike jera maganar, kuma yana iya biya nan take. A nan tambayoyi huɗun suna da amfani a matsayin abin dubawa, kan maganar yana tsayar da mutum, bayanin ya shafe shi, an ba shi dalilin so, an gaya masa abin da zai danna. Ko a nan ɗin ma in kina son sanin shafin da aka jera a tsarin AIDA ya fi wanda ya sa farashi da maɓallin biya a sama, raba masu shigowa biyu da ƙuri'a za ki yi ki ƙirga, kuma sau da yawa ga tsohon kwastoma da ya san abin da ya zo nema gajeren shafin ne yake cin nasara, dogon kuma ya fi yi wa baƙo aiki.